Ciwon gwiwa wajen durƙuso da harɗe ƙafa: yadda dattijo zai gyara sallarsa ba tare da ya ƙarasa gwiwar ba

Babanmu shekarunsa 68, kuma sai da ya kwashe wajen shekara biyu yana cije baki a zaman tahiya kafin mu gane me ake ciki. Ni na fara lura, ranar muna sallar magariba a gida ina bayansa, na ga in ya ɗago daga sujada baya zama sosai, sai ya karkace gefe ɗaya ya dafa ƙasa da hannun hagu, in zai miƙe kuma sai ka ji gwiwar dama tana ƙaras ƙaras kamar ana taka yashi. Da na yi masa magana cewa ya yi "kai dai bari, sanyi ne, in zafi ya shigo zai wuce". Zafi ya shigo ya fita bai wuce ba.

To abin da na ga yana faruwa da dattawanmu iri biyu ne. Wani zai ta daurewa yana danne gwiwar da ƙarfin tsiya har ta kumbura ya kasa zuwa masallaci gaba ɗaya, wani kuma rana ɗaya zai ɗauko farar kujerar roba ya zauna tun daga kabbarar harama har sallama, alhali tsayuwa ba ta gagare shi ba, wani lokacin ma sujadar ba ta gagare shi ba. Duka biyun akwai gyara. Sallah ba motsi ɗaya ba ce, akwai tsayuwa, ruku'u, sauka, sujada, zama, tashi, kuma da wuya ka samu gwiwar da duka shidan suke damunta daidai wa daida. Aikin shi ne a gano wanne ne yake ciwon, a canza shi shi kaɗai, sauran a bar su yadda suke. A nan likitanci da fiƙihu bakinsu ɗaya.

Me ya sa zama ya fi tafiya ciwo

Mutane suna mamaki, mutum yana tafiya kasuwa da ƙafarsa lafiya lau amma zaman minti biyu ya gagare shi. Lissafin lanƙwasa ne. In kana tafiya gwiwa bata wuce lanƙwasar digiri 60 ko kusa da haka, zama a kujera wajen digiri 90, amma in za ka zauna a kan diddigenka irin zaman sallah sai ta lanƙwashe har wajen digiri 150 ko sama, wato ƙarshen iyawarta kenan. A wannan lanƙwasar ƙoƙon gwiwa yana mannewa da ƙarfi a jikin ƙashin cinya, sannan wani faifan guringuntsi da yake tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ana matse bayansa. Matashi bai san ana yi ba saboda guringuntsinsa da kauri da santsi. Dattijon da nasa ya zaizaye, gefen ƙashin ya fara tsiro, ga ɗan ruwa ya taru a ciki, shi kam kamar ka rufe ƙofa ne da tsakuwa a bakinta. Wannan zaizayewar ita ce yawancin abin da muke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, kuma ba sanyin ne ya kawo shi ba, sanyi dai yana sa a fi jinsa.

Harɗe ƙafa kuma nasa daban ne, don shi bayan lanƙwasa akwai murɗawa. Asali ƙugu ne ya kamata ya juya waje ya ba cinya dama ta kwanta, to in ƙugun ya sandare saboda shekaru sai murɗawar ta sauko kan gwiwa, shi ya sa mai harɗe ƙafa yake nuna maka gefen gwiwa ta ciki ya ce nan ne.

Sannan ka duba yawan maimaitawa. Farilla kaɗai raka'a 17 ce a yini, sujada 34, zama tsakanin sujada 17, zaman tahiya 9, tashi daga ƙasa zuwa tsaye sau 17 in ka haɗa da tashin bayan sallama. Ba a sa nafila ba, ba a sa asham da tahajjud na azumi ba. Kuskure ƙarami a yadda ake sauka in aka maimaita shi haka kullum ya isa ya hana gwiwa hucewa.

Mataki na farko: a gano inda ciwon yake da lokacin da yake zuwa

A samu lokacin da ba na sallah ba, a shimfiɗa darduma kusa da bango ko gado, dattijon ya yi motsin raka'a ɗaya a hankali, kowane motsi a tambaye shi, daga sifili zuwa goma ciwon nawa ne, kuma ya nuna wajen da yatsa ɗaya. Haka na yi wa Baba, da ƙyar ya yarda, yana cewa "yanzu kai ne za ka koya min sallah?" na ce "a'a Baba, gwiwar zan tambaya ba kai ba". Abin da muka samu, tsayuwa sifili, ruku'u ɗaya, sauka huɗu, sujadar kanta biyu, zama a kan ƙafa takwas, tashi shida. Ka ga kenan mutumin da ake ta ba shawarar ya koma kujera gaba ɗaya, ashe sujadarsa lafiya take, zama da tashi ne matsalar.

Inda yatsan ya nuna shi ma yana magana. In a gaba ne daidai kan ƙoƙon, kuma sai gwiwar ta taɓa ƙasa yake ji, wani lokacin har da ɗan kumburi mai laushi kamar ƙwai a saman ƙoƙon, to matsalar dannawa ce a kan abu mai tauri, wannan shi ya fi sauƙin gyara. In ta ciki ne a layin da ƙasusuwan suka haɗu, yana ƙaruwa da harɗewa ko zaman da ake fitar da ƙafa gefe, to zaizayewa ce ko faifan nan ya samu matsala. In a baya ne, mutum ya ce yana jin kamar an cusa masa lemo a bayan gwiwa in ya lanƙwasa, ruwa ne ya taru ya yi jaka a baya, kuma dannawa da ƙarfi ba ta mayar da shi, ƙara shi take. Sandarewar safe da take sakewa kafin rabin awa ta saba tafiya da zaizayewa. In tana kai awa ɗaya ko fiye, ga yatsun hannu su ma sun kumbura, wannan wani ciwon ne daban, na asibiti ne.

Ma'aunin da za a riƙe daga nan har ƙarshe shi ne, ciwon da bai wuce uku ko huɗu cikin goma ba, kuma ya lafa kafin washegari, ana iya ci gaba da wannan motsin. Wanda ya wuce haka, ko aka wayi gari gwiwar ta kumbura, to an yi mata yawa, a sauko mataki ɗaya.

Mataki na biyu: shimfiɗa, sauka da tashi

Yawancin masallatanmu siminti ne ko tayil da kafet siriri a kai, wasu ma tabarmar roba ce kawai. A nemi soso mai tauri, kaurin santimita 3 zuwa 5, irin wanda masu kujerun kushin suke yankawa, faɗinsa daidai gwiwa biyu, a sa a ƙarƙashin darduma wajen da gwiwa take sauka. Kar a sa mai laushi irin na filo, nan take yake lotsewa ƙashi ya tarar da siminti. Kuma wajen gwiwa kaɗai, banda wajen goshi, goshi ana so ya tabbata a kan abin da baya nutsewa. Wata ƴar dabara, a matsar da soson baya kaɗan yadda nauyin zai sauka a saman ƙwauri ƙasa da ƙoƙon, ba a kan ƙoƙon kansa ba.

Sauka kuma, mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya an riga an koya mana gabatar da hannu kafin gwiwa, kuma wallahi ga mai ciwo wannan rahama ce. Ya tura mazaunai baya, ya sunkuya, tafin hannu biyu su fara isa ƙasa su karɓi nauyi, sannan gwiwa mai lafiya ta sauka, mai ciwon ta biyo a hankali. Abin da yake ɓata gwiwa shi ne faɗawa, mutum ya sako jiki gaba ɗaya ya tsuguna har ƙasa sannan ya buga gwiwa tim.

A cikin sujada a bar cinya a tsaye, ƙugu daidai saman gwiwa, kar a ja mazaunai baya su kusanci diddige. In an yi haka lanƙwasar bata wuce ta zaman kujera da yawa ba, shi ya sa da yawa suke iya sujada ko da zama ya gagare su. In gwiwa ɗaya ce bata son nauyi sam, a karkata nauyin kan mai lafiyar da hannaye, a ɗan ja mai ciwon baya ta taɓa ƙasa sama sama. A Malikiyya goshi ne farillar sujada, sa gwiwoyi da tafuka da yatsun ƙafa sunna ne, balle ga mai uzuri.

Tashi shi ne inda na ga Baba ya fi wahala don yana so ya miƙe tsaye kai tsaye kamar yadda yake yi yana ɗan arba'in. Yadda muka koma yi, in ya ɗago daga sujada ta biyu sai ya ɗan tsaya jiki ya daidaita, hannu biyu a ƙasa, ya kawo ƙafa mai lafiya gaba ya kafa tafinta, ya tura da hannu da wannan ƙafar tare, mai ciwon ta taso daga baya. Mai lafiya ce take ɗaga mutum, kullum. Kuma dafa ƙasa wajen tashi ba sabon abu ba ne, yana cikin hadisin Maliku ɗan Huwairis a Bukhari inda ya siffanta sallar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa in ya ɗago daga sujada ta biyu yana zama ya dogara da ƙasa sannan ya miƙe. In hannu a ƙasa bai isa ba, a ajiye ƴar kujera mai ƙarfi a gefen ƙafa mai lafiya a dafa ta, ko a tsaya kusa da bango ko ginshiƙi.

Mataki na uku: zaman kansa

Nan ne maganar take, don nan ne mutane suka fi jin nauyin canzawa. Zama iri biyu muka sani, wanda ake shimfiɗa ƙafar hagu a zauna a kanta a kafa ta dama, da wanda ake sa mazaunin hagu a ƙasa a fitar da ƙafar hagu ta ƙarƙashin ta dama, wanda shi Malikiyya suka zaɓa a duk zaman sallah. Na farkon lanƙwasa ce har ƙarshe da nauyin jiki duka a kai, na biyun nauyin ya sauka ƙasa amma akwai murɗawa, musamman a gwiwar dama. Don haka wani na farkon ne yake kashe shi na biyun ya fi masa, wani kuma akasin haka, a gwada duka biyun kafin a ce an kasa. Abin da ya kamata kowa ya sani, siffar zaman ba rukuni ba ce, mustahabbi ce ko sunna, wanda ya canza ta saboda ciwo sallarsa ba ta taɓu ba. A Muwaɗɗa da Bukhari an kawo cewa Abdullahi ɗan Umar yana harɗe ƙafa a zaman sallah, ɗansa ya gani ya kwaikwaya, sai ya hana shi ya gaya masa yadda sunnar take, da yaron ya ce ai kai ma haka kake yi sai ya ce ƙafafuna ne basa iya ɗaukata. Sahabin da aka sani da tsananin bin sunna kenan.

Gyara na farko, matashi mai tauri ko bargo da aka naɗe, a ajiye shi tsakanin ƙafafu biyu ta baya yadda in an ɗago daga sujada mazaunai za su sauka a kansa maimakon diddige. Tsayin santimita 10 zuwa 15 yana rage lanƙwasar sosai, kuma daidai wannan ƙarshen lanƙwasar ne mai ciwon. Wasu kafinta suke sa wa ya yi musu ɗan benci ƙarami da ƙafafu suke shiga ƙarƙashinsa, shi ma yana aiki. Wani kuma ƙaramin tawul da aka naɗe aka cusa a bayan gwiwa yana ba shi sauƙi, amma mai jakar ruwa a baya kar ya yi wannan. In idon sawu ne yake ƙara ciwon, tawul a ƙarƙashinsa.

In wannan bai yi ba, sai miƙe ƙafa. Daga sujada mutum ya juya ya zauna a kan mazaunin ɓangaren mai lafiya, ya zaro ƙafa mai ciwon ya miƙe ta gaba ko ya bar ta a ɗan lanƙwashe, ya yi tahiyarsa a haka. Baba da wannan ya tsaya a zaman tahiya, tsakanin sujada biyu kuma matashin nan yake amfani da shi tunda zaman gajere ne. Ya ɗan ji kunya a farko, wai mutane za su ce ya miƙe ƙafa a sahu kamar mai cin tuwo, sai ya koma ƙarshen sahu ta dama jikin bango, ƙafar bata takura wa kowa.

Shi kuma harɗewa, gaskiya ne malaman Malikiyya sun so mai sallah a zaune ya harɗe a madadin tsayuwa, yana cikin Risala, amma a wajen an ce in ya iya, in bai iya ba ya zauna gwargwadon ikonsa. To wanda harɗewar ce ciwonsa ba a ce ya yi ta ba. In kuma zaman hira ne ko cin abinci ko karatu a zaure, ya zauna a kan matashi yadda ƙugu zai fi gwiwa tsayi, ya tura ƙafafun gaba kaɗan kar ya jawo diddige har jikinsa, ya tokare gwiwa mai ciwon da wani matashin ta ƙasa, kuma duk minti 15 ko 20 ya warware ya miƙe ta. Zaman wa'azi na awa biyu a harɗe, da zaman huɗubar Juma'a tun sha biyu, su ne suke sa a kasa tashi in an tayar da iƙama.

Mataki na huɗu: kujera, in ta zama dole

Asalin hukuncin hadisin Imrana ɗan Husaini ne a Bukhari, yana fama da basir ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce masa ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Ka lura da jerin, ba a tsallake mataki. Duk wanda ya yi Ahalari a makarantar allo ya haddace, tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina. Don haka wanda yake iya tsayuwa a farilla, tsayuwar kabbarar harama da Fatiha tana kansa, ko da sauka ƙasa ya gagare shi. Yadda zai yi, ya tsaya ya yi kabbara ya yi karatu, ya yi ruku'unsa cikakke in yana iyawa, ya ɗago, sannan ya zauna a kujera ya yi nuni da sujada, ya sunkuya da kai da baya iya iyawarsa, ya ɗago ya natsu, ya sake, sannan ya miƙe raka'a ta gaba. In ruku'un ma a zaune yake yinsa to sunkuyon sujada ya fi na ruku'u ƙasa, don a bambance. Ba a buƙatar ɗago filo ko ajiye tebur a gaba don goshi ya taɓa, nunin ya wadatar.

Akwai kuma mai akasin haka, tsayuwa da tashi ne basa yiwuwa amma in yana ƙasa yana iya sa goshi. Shi wannan zama a ƙasa da sujada ta gaske ya fi masa kujera. In liman ya ja doguwar sura, wanda ya tsaya ya yi Fatiha ƙafa ta gaji yana iya zama ya miƙe in an zo ruku'u. A nafila abin ya fi faɗi, Nana A'isha ta ba da labarin cewa da Annabi ya manyanta yana karatun sallar dare a zaune, in ya rage aya talatin ko arba'in sai ya miƙe ya karanta su sannan ya yi ruku'u. Maganar cewa mai sallah a zaune rabin lada yake samu, wadda take hana dattawa barci kuma, malamai sun ce a kan mai lafiya ne da ya zaɓi yin nafila a zaune, ba mai uzuri ba. In yanayin mutum ya cakuɗe, ya zauna da malaminsa ya nuna masa a aikace abin da yake iyawa da wanda baya iyawa, ya fi tambaya da baki.

Kujerar kanta a duba ta. Tsayinta ya kai santimita 45 zuwa 50, yadda ƙugu zai yi daidai da gwiwa ko ya ɗan fi ta, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Gajeriyar kujera da kushin mai nutsewa sun fi ƙasa wahalar tashi. Farar kujerar roba a kan tayil tana zamewa, in ta tsufa ƙafarta tana buɗewa, na taɓa ganin dattijo ya tafi da baya a tsakiyar sallar isha'i, Allah ya kiyaye bai bugu a kai ba. A jingina ta da bango ko a sa ta a kan kafet. Wajen sahu, wanda zai zauna tun farko har ƙarshe kafaɗarsa ce take daidaita da sahu, wanda zai tsaya kuma ƙafafunsa ne a sahu kujerar tana bayansa, kenan za ta ci wajen sujadar na baya, shi ya sa ƙarshen sahu ko gaban ginshiƙi ya fi.

Mataki na biyar: a ƙarfafa cinya, in ba haka ba kujerar ba a dawowa daga ita

Wannan shi ne abin da ya fi damuna da saurin komawa kujera. Gwiwar da aka daina lanƙwasawa tana ƙara sandarewa, naman cinya yana zubewa, bayan wata shida wanda da zama kaɗai ya gagara sai ka ga tsayuwar ma tana neman gagararsa. Naman gaban cinya shi ne birkin sauka kuma shi ne injin tashi.

Motsi uku muka ɗora wa Baba, muka liƙa su da lokutan sallah don kar a manta. Bayan asuba yana kwance, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ɗayar a miƙe, ya ɗaga miƙaƙƙiyar kamar taƙi ɗaya daga katifa, ya ƙirga biyar, ya sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa. Bayan la'asar ya zauna a kujera ya tashi sau goma, da farko da dafawa, daga baya hannu a ƙirji, saukar a hankali ba faɗawa ba. Bayan isha'i yana kwance ya jawo diddige zuwa mazaunai a kan zanin gado har inda ya fara jin ja, ya tsaya nan ya ƙirga goma, ya mayar. Ba a ganin amfanin a sati ɗaya, sai an yi sati shida zuwa wata uku. Shi a wata na biyu tashinsa ya sauko daga shida zuwa uku, zama a kan ƙafa dai har yau bai dawo ba kuma ban sa rai zai dawo ba, mun bar shi a miƙe ƙafarsa.

Asuba ta fi kowace sallah wuya saboda gwiwa ta kwana a sandare, balle da hunturu. Kafin a tayar, a zauna bakin gado a miƙe ƙafa a lanƙwasa sau ashirin, a ɗan zaga tsakar gida, in da hali a ɗora tawul mai ɗumi minti goma. Mai ciwon suga a taɓa masa ruwan da hannu tukuna don ƙafarsa bata jin zafi sosai, ƙonewa yake bai sani ba. Alwala a bar tsuguno, a zauna a kan benci ko dakali. Banɗakin tsuguno ma in ba a gyara shi ba duk wannan aikin rabi ne, akwai kujerar da ake ɗorawa a kai, ko a kafa ƙarfen dafawa a bango. Sanda a hannun da yake kishiyar ƙafa mai ciwo ake riƙe ta, da yawa suna riƙewa a ɓangaren ciwon. Mai ƙiba kuma, kowane kilo ɗaya da ya sauke yana rage wa gwiwa wajen kilo huɗu a kowane taku, iyayenmu mata wannan ya fi shafa.

Magani da lokacin zuwa asibiti

Dan Allah a kula da haɗin kemis, ƙwayoyi huɗu biyar a ƙulle a leda ba suna. Yawanci akwai diklofenak ko ibufurofen ko feldin a ciki, wani lokacin biyu a haɗe, da deksa ko firedinisolon. Ciwon zai tafi kamar an cire ƙaya, shi ya sa ake komawa, amma dattijon da yake sha kullum yana sayen gyambon ciki da zubar jini da ciwon ƙoda, hawan jini ya ƙi sauka, suga ya hau. Mai olsa, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai shan maganin tsinka jini kar su taɓa irin waɗannan sai da likita. Na shafawa, man diklofenak, shi ya fi aminci ga gwiwa tunda kaɗan ne yake shiga jini. Allurar cikin gwiwa tana ba da sauƙi na wasu makonni, ba warkewa ba ce, ba a jera ta kusa kusa, kuma ba a ɗakin kemis ake yinta ba. Tsaga da ƙaho a kan gwiwar da ta kumbura hanya ce ta shigar da ƙwayar cuta, ga mai suga kuma miki ne da baya warkewa da wuri.

Akwai alamun da ba a jira da su. Gwiwa ta kumbura cikin yini ɗaya ta yi zafi jau, ga zazzaɓi, mutum ya kasa taka ta, wannan ranar za a tafi asibiti, don in ƙwayar cuta ce a cikin gaɓar kwanaki kaɗan suke isa ta lalata ta. Haka in sha-raɓa ta kumbura ɓangare ɗaya tana ciwo, musamman bayan doguwar tafiya ko jinya, ana tsoron gudan jini. Haka in an faɗi aka kasa tsayuwa. Waɗanda za a nemi ganin likitan ƙashi ba da gaggawa ba amma kar a share, gwiwar da take maƙalewa ta ƙi miƙewa sai an girgiza, wadda take sakin mutum yana tafiya, ciwon da yake tashinsa daga barci, ƙafar da take ƙara gwamewa, ko an yi wata uku ana motsin nan ba canji. A sa likita ya duba ƙugu ma, don ciwon ƙugu yana iya sauka a ji shi a gwiwa. Mu Asibitin Ƙashi na Dala muka kai Baba a Kano, aka yi hoto yana tsaye, wanda shi ne yake nuna yadda tsakanin ƙasusuwan ya matse in nauyi yana kai, aka ce zaizayewa ce ta ɓangaren ciki ba ta kai ta aiki ba, aka tura shi sashen gashi.

Wanda kuma aka ce masa sai an canza gwiwa, ya tambayi likitan tun kafin aikin me zai iya a sallah bayansa. Gwiwar roba da ƙarfe yawanci tana lanƙwasa wajen digiri 110 zuwa 120 ne, ciwon tafiya da na dare yana tafiya, tsayuwa da ruku'u suna dawowa da kyau, wasu suna iya durƙusawa a kan soso su yi sujada in likitansu ya ba su dama, amma zama a kan diddige mafi yawa baya dawowa, don haka matashin nan ko kujerar za a ci gaba da ajiye su kusa da darduma.